Imel ɗin dilan taki ga manajan ƙungiya: abin da ke ciki da abin da aka bari a waje

Wajen ƙarshen watan Nuwamba ne, ana gama yankan shinkafar damina, yayana ya turo min wani imel da dare ya ce in karanta in gaya masa ko akwai abin kamawa a ciki. Shi ne manajan wata ƙungiyar manoman shinkafa a yankin Suru nan jihar Kebbi, mutum 120 ne a ƙungiyar, filin da suke shirin nomawa da rani kuma hekta 150 in an haɗa na kowa. Ni kuma na yi shekaru ina tsaron shagon taki da iri a Birnin Kebbi, shi ya sa duk wata takarda mai maganar buhu ni ake kawo wa.

Da Turanci aka rubuto saƙon, wani kamfani ne da ba zan kama sunansa ba, amma ga abin da ya ce in an juya shi:

"Ranka ya daɗe Manaja, muna gabatar da kanmu a matsayin manyan dilolin taki da ingantaccen iri a Arewa. Muna da NPK, yuriya da irin shinkafa mai yawan amfani, kan farashi mai rahusa ƙwarai. Buhun NPK namu ya fi na kasuwa sauƙi da naira 8,000. Muna kai kaya har Kebbi. Kaya kaɗan ya rage, a hanzarta biyan rabin kuɗi don a ajiye muku. Muna fatan doguwar hulɗa."

Na kira shi na ce Yaya, ba laifi an gaishe ka da ladabi, amma in ka cire gaisuwar babu layi ɗaya a nan da za ka iya ɗauka ka kai gaban kwamiti. Ya ce, "To ai ragin dubu takwas hwa, kai ba ka gani ba? Mutanena da sun ji wanga magana ba su bari na in yi kwana."

Toh daga nan matsalar take farawa, kuma shi ya sa nake ganin ya kamata a warware yadda irin wannan saƙo yake aiki, don yanzu da yawan diloli ta imel suke fara ƙwanƙwasa ƙofa, musamman ga ƙungiyoyin da ke da rajista kuma suka taɓa hulɗa da banki tun lokacin shirin ba manoma bashi na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a nan Kebbi a Nuwamban 2015.

Manajan ƙungiya ba da kuɗin aljihunsa yake saye ba. Kuɗin mutane ne da aka tattara dubu ashirin nan dubu hamsin can, kuma kafin kobo ya fita sai shugaba da ma'aji sun sa hannu, wani lokaci ma sai an yi taron kowa da kowa a gindin bishiya. Saboda haka imel na farko aikinsa ɗaya ne, ya ba manaja abin da zai iya bincikawa da kansa da abin da zai iya lissafawa a takarda, ta yadda in wani dattijo ya tashi a taro ya ce wane irin taki ne kuma nawa zai tsaya mana a ƙofar sito, akwai amsa. Dilan da ya fahimci haka yakan rubuta gajeren saƙo cike da lambobi. Wanda bai fahimta ba, ko wanda ba ya so a fahimta, sai ya cika shi da "inganci" da "rahusa".

Mu fara da kalmar NPK ɗin nan, don a nan kuɗi mafi yawa ke ɓuya. NPK ba taki ɗaya ba ne. Lambobi uku ɗin da ke jikin buhu su ne ke faɗin abin da ke ciki: na farko sinadarin da ke sa ganye ya yi kore shar, irin wanda ke cikin yuriya, na biyu na saiwa, na uku na ƙarfin kara da cikar ƙwaya. In buhu ya ce 15:15:15, wanda manomanmu suka saba kira kamfa, to a kowane kilo 100 akwai kilo 15 na kowanne. In ya ce 20:10:10, na ganye ya ƙaru zuwa 20 amma na saiwa da na ƙwaya sun sauka zuwa goma-goma. Duka biyun buhu mai kilo 50 ne, duka biyun an rubuta NPK da manyan baƙi, kuma daga nesa a kan tirela ba mai bambanta su.

Na ce wa Yaya ya tambaye su wanne ne. Amsa ta dawo, 20:10:10. Shi kenan, ashe an ɗauko farashin 20:10:10 an gwada shi da farashin kamfa na kasuwa an kira bambancin ragi.

Bari in yi lissafin yadda na yi masa a waya, da farashi na misali kawai don lambobin su zauna daidai, kowa ya sa na ranar da yake saye. A ce kamfa 50,000, shi kuma 20:10:10 ɗin 42,000, yuriya 35,000. Ƙungiyarsu ta saba da buhu 4 na kamfa da buhu 2 na yuriya a hekta. Buhu 4 kilo 200 ke nan, wato gona ta samu kilo 30 na kowane sinadari cikin ukun, yuriya kuma kashi 46 cikin 100 nata sinadarin ganye ne, buhu 2 sun ƙara kilo 46, jimla na ganye ya zama 76. Kuɗin hekta ɗaya 270,000.

Yanzu in aka ɗauki buhu 4 na 20:10:10 aka maye gurbin kamfa kai da kai, a ido an rage 32,000 a hekta, a hekta 150 kuma naira miliyan 4 da dubu 800, kuɗin da in ka faɗe shi a taro har tafi za a yi maka. Amma gonar ta samu kilo 20 na saiwa da 20 na ƙwaya a maimakon 30, an zaftare kashi ɗaya cikin uku ba tare da kowa ya yanke shawarar hakan ba. In kuma so ake a kai talatin ɗin nan, sai an zuba buhu 6, wato 252,000. Gaskiya ne buhu shidan sun zo da kilo 60 na sinadarin ganye, don haka yuriyar da ta rage a ƙara ba ta kai buhu ba, kamar kilo 35, kuɗinta 24,500. Haɗa duka, 276,500. Ka ga wanda aka ce ya fi araha ya ɗara ɗayan da 6,500 a kowace hekta, a gonakin ƙungiya gaba ɗaya 975,000, ban da cewa buhunan da za a yi dako sun tashi daga 900 zuwa 1,005.

Kar a fahimce ni ba daidai ba, 20:10:10 ba jabu ba ne, taki ne mai kyau kuma ana ta amfani da shi, akwai ƙasar ma da ba ta buƙatar kilo 30 na waɗancan biyun. Abin da ke da illa shi ne a saye shi da lissafin wani takin. Sannan akwai wani abu da manomin fadama ya sani ko bai iya faɗinsa da lamba ba: in ka jibge kusan duk sinadarin ganye tun zubin farko, lokacin da dashe bai kama ƙasa sosai ba, ruwa da iska za su tafi da wani ɓangare, sai lokacin da shinkafa ta zo ɗaukar ciki tana neman abinci ka ga ba abin da ya rage a sito. Shi ya sa ake raba yuriya kashi biyu.

Abu na biyu da ya sa na ɗaga gira shi ne "muna kai kaya har Kebbi". Ina ne Kebbi? Daga Yauri zuwa Kamba duk Kebbi ce. Tirela ɗaya tana ɗaukar buhu 600, tan 30 ke nan, kuma direban tirela inda kwalta ta ƙare nan ya ƙare, ba zai shiga hanyar fadama da wannan nauyi ba ko me za ka ba shi. In dila na nufin sauke kaya a Birnin Kebbi ko Jega, to sauran tafiyar da ƙananan motoci, da kuɗin lebura na lodi da na saukewa sau biyu, duk a wuyan ƙungiya suke. A ce dakon nan ya tashi 1,200 a buhu, sau 900, miliyan ɗaya da dubu 80 ke nan da ba ta cikin imel. Kuma bukatarsu tirela ɗaya da rabi ce, 600 na kamfa da 300 na yuriya, rabin nan ana so a san ko za a haɗa shi da kayan wasu ne ko ƙungiya za ta biya motar da ba ta cika ba. Dila mai gaskiya yakan rubuta farashi biyu a fili, na ƙofar sitonsa da na ƙofar sitonku, ya ambaci sunan garin, ya kuma faɗi ranar da farashin zai daina aiki, tunda taki ba ya zama wuri ɗaya, sati biyu ma na iya canza shi. Buhun da ya fashe a hanya ko ya sha ruwa ya dunƙule, na wa ne? Wannan ma layi ɗaya ne ke raba gardamar, amma sai an rubuta shi kafin mota ta tashi.

Sai maganar iri, wadda a wurina ta fi ta taki haɗari duk da kuɗinta bai kai ba. Taki in ya yi rauni za ka iya ƙarawa a tsakiyar noma. Iri kuwa in ya shiga ƙasa an gama, sai baɗi.

"Irin shinkafa mai yawan amfani" ba suna ba ne. Manoman Kebbi sun san FARO 44, wadda ake ce wa Sifi, tana nuna cikin kusan wata huɗu kuma masu casa na sonta saboda doguwar ƙwayarta. Akwai FARO 52 da ta fi ta daɗewa a gona, akwai FARO 66 da 67 da aka fitar don wuraren da ambaliya ke shanyewa. Ga mai noman rani kowane sati da aka ƙara a gona kuɗin fetur ne na injin ban ruwa, saboda haka sunan iri shi ne kasafin mai. Imel ɗin da ya dace zai faɗi sunan irin, da kamfanin da ya samar da shi, da lambar rukunin, da watan da aka gwada tsironsa da kashi nawa ya tsira, da girman buhu. Zai kuma ce irin na ɗauke da shaidar hukumar kula da iri ta ƙasa, NASC, da tambarin nan na SEEDCODEX da ake kankarewa a tura lambar ta waya a ga ko na gaske ne. Ban da waɗannan, wallahi shinkafar ci ce kawai wani zai saya a kasuwa ya sheƙe ya barbaɗa mata jan magani ya ɗinke a sabon buhu, kuma na ga an yi.

Su Yaya dashe suke yi, kilo 25 a hekta, wato kilo 3,750, buhu 150 in masu kilo 25 ne. Na ce masa kafin maganar ko sisi, su aiko da samfuri daga rukunin da za su kawo ɗin, ba wani daban ba. Gwajin ba wuya: ka ƙirga ƙwaya 100 ba tare da zaɓe ba, ka shimfiɗa a tsumma mai laima, ka naɗe ka ajiye cikin ɗaki inda sanyin hunturu ba zai buge shi ba, kullum a ɗan yayyafa ruwa, bayan sati a fara ƙirga wanda ya fito da saiwa da kai, in da sanyi a ba shi har kwana goma ko sha huɗu. A yi tsumma uku ko huɗu don ɗaya na iya yaudara. In 85 suka tsira lissafin kilo 25 na nan daram. In 60 ne, sai ka zuba kusan kilo 35 kafin ka samu dashen da ya kamata, ka ga araharsa ta tafi, kuma irin da ya faɗi haka yawanci tsironsa ma raunana ne. Sai dai gwajin tsumma na da iyaka, tsiro kawai yake nunawa, ba ya gaya maka ko Sifi ce zalla ko gauraye. Ɗan abin da za ka iya shi ne ka murje cikin hannu ɗaya ka duba ko akwai jajayen ƙwayoyi da gajeru a ciki. Sauran sai a gona, ranar da ka ga wata ta yi tsawo wata ta tsuguna, wata ta nuna wata na ɗanya, a lokacin kuma ba abin da za ka yi sai duba takardar da ke ɗauke da lambar rukuni ka san wa za ka nema.

Wannan gwaji shi ne ya sa lokacin zuwan imel ke da muhimmanci. Masu rani a nan daga Disamba zuwa Janairu ake zuba iri a rainon dashe, bayan kamar sati uku a cire a dasa. In ka lissafa kwanakin zuwan samfuri, da sati biyun gwaji, da taron kwamiti, da tattara kuɗi, da tafiyar mota, dilan da ya gabatar da kansa a tsakiyar Disamba ya makara ga iri, sai dai taki. Kuma ba dole komai ya zo rana ɗaya ba, iri ne farko, kamfa kafin dashe, yuriya na iya biyo baya da 'yan makonni, wanda hakan ke ba ƙungiya damar biya kashi-kashi ta kuma ga halin dila a kaya na farko kafin ta saki sauran kuɗin.

Game da taki kuwa gwajin gida bai kai na iri ƙarfi ba, gara a san haka. Sikeli zai gaya maka ko buhu ya cika 50, kuma ya kamata a zaɓi buhu goma ko ashirin daga wurare daban-daban na motar a auna kafin a sa hannu a takardar direba. Yuriya ta gaskiya narkewa take tas a kofin ruwa, kofin ma ya yi sanyi a hannu, in ka ga yashi a ƙasa da magana. Amma NPK na haɗi, irin mai ƙwayoyi kala-kala, dama akwai dutsen farar ƙasa a cikinsa na cike nauyi, don haka ganin gari a gindin kofi ba hujja ba ce, mutane da yawa sun yi rigimar banza a kan wannan. Ko lambobin da ke jikin buhu gaskiya ne, ɗakin gwaji ne kaɗai zai faɗa. Shi ya sa sunan kamfanin da ya haɗa takin da lambar rukuni suke da nauyi a imel, su ne igiyar da za ka ja in abu ya ɓaci.

Na bar maganar su wane ne a ƙarshe duk da ita ake fara dubawa, saboda ita ta fi sauƙi. Imel ɗin daga adireshin gmail ya zo, wannan kaɗai ba laifi ba ne, diloli nagari da yawa da shi suke aiki. Abin da babu shi ne lambar rajistar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, wadda manaja zai iya bugawa a shafin hukumar daga wayarsa ya ga ko sunan ya yi daidai. Babu maganar izinin sayar da taki, alhali tun dokar kula da ingancin taki ta 2019 ana bukatar mai wannan sana'a ya yi rajista da ma'aikatar gona ta tarayya. Babu adireshin sito da mutum zai je ya tsaya ya ga buhu da idonsa. Babu sunan ƙungiya ko ɗaya da suka taɓa kai wa kaya wadda za a kira a tambaya. Amma akwai "a hanzarta biyan rabin kuɗi". Rabin kuɗin buhu 900 ya haura miliyan 20 a lissafin misalin nan namu, a saƙon farko, ga mutumin da ko muryarsa ba ka taɓa ji ba. Kuma in ranar biya ta zo, asusun banki dole ya kasance da sunan kamfanin kamar yadda yake a rajista. In aka turo na wani mutum, ko wani imel ya biyo baya yana cewa mun canza asusu, a ɗaga waya a kira lambar da aka riga aka sani, ba wadda ke ƙasan sabon saƙon ba.

Amsar da muka rubuta tare da Yaya ba ta da tsawo, kuma ba faɗa a ciki:

"Mun gode da saƙonku. Ƙungiyarmu na bukatar NPK 15:15:15 buhu 600, yuriya buhu 300, da irin FARO 44 kilo 3,750. Don Allah a turo mana lambar rajistar kamfani da shaidar izinin sayar da taki da iri, da adireshin sitonku, da sunan kamfanin da ya yi kowane kaya. A ba mu farashin buhu a sitonku da kuma a ƙofar sitonmu, da ranar da farashin zai ƙare. A aiko da kilo 1 na irin daga rukunin da za a kawo. Tsarinmu shi ne biya bayan an sauke kaya an auna, sai dai in kwamiti ya amince da wani abu daban. In da hali a turo bayanin a shafi ɗaya, da Hausa ma, don za a karanta shi a taro."

Layin ƙarshen nan Yaya ne ya ƙara shi, kuma ya fi ni gaskiya. Shi a waya yake karanta imel, daga nan ya tura wa shugaba ta Watsaf, shugaba ya ba ɗansa ya karanta masa, takarda mai shafi goma sha biyu da hotunan gonakin wata ƙasa ba ta kai ko'ina a wannan hanya.

Bayan kwana huɗu suka amsa. Rajista ta fito daidai, sito ma akwai shi, wani ɗan ƙungiya da ke da hanya ta can ya leƙa ya gani. Ashe ba 'yan damfara ba ne, yaron da ke rubuta musu saƙo ne bai taɓa zama a taron manoma ba. Kamfa ba su da ita sai 20:10:10, farashin yuriyarsu kuma da aka haɗa da dako har ƙofa ya yi daidai, sai kwamiti ya ɗauki yuriya buhu 300 a wurinsu, biya bayan awo, kamfa aka nema a wani wuri. Samfurin iri ya iso a leda cikin motar haya, Yaya ya naɗe tsumma huɗu ya sa a bayan randa a ɗakin matarsa, rana ta goma ya kira ni yana ƙirgawa a waya: 71, 68, 74, 70. Ya ce, "Ƙane, wanga ba shi shiga gonar mutane." Iri dai a tsohon wurinsu suka saya.